Dalar Amurka 83 ta maƙale, wasiƙar lamba ta ƙi zuwa: me zan yi?

Mushen Lissafi, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina koyar da lissafi a wata CEG nan Tawa. A Nuwamban bara na buɗe tasha a YouTube don yaran da ke shirin BEPC, ina rubuta darasi da Faransanci ina bayani da Hausa. Da salula ɗaya na fara, ina jingina ta da buhun gero a zaure, allon kuwa falanki ne na shafa wa baƙin fenti. Sai bayan isha'i nake ɗauka, in gida ya yi shiru, kuma sau da yawa wuta na ɗaukewa ina tsakiyar Thalès in sake daga farko. Wata huɗu mabiyana ba su kai 200 ba. Da jarrabawa ta matso, bidiyon da na warware tsofaffin tambayoyi ya tashi, a Mayu na cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, a Yuni aka karɓe ni cikin shirin YouTube na biyan masu tasha kuɗin talla. Yanzu muna Oktoba, akwai dalar Amurka 83 a AdSense, asusun da kuɗin tallar ke taruwa. An ce an aiko wasiƙar PIN, lambar tabbatar da adireshi, tun 20 ga Yuli, na sake nema a Agusta, shiru. Uwargida ta ce kuɗin megas da na ƙone ya isa sayen tunkiya biyu. Barci ya ƙaurace mini. In rufe asusun in sake sabo ne?

Ɗan Ƙwanni: Mushe, kada ka rufe komai tukuna. Amma ka tsallake babban abu: wace ƙasa ka sa, kuma sunan wa? Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake biya ta wannan shirin.

Mushen Lissafi: Nijeriya na sa. Ƙanena yana kasuwanci a Sakkwato, sunansa da adireshin shagonsa muka rubuta. Kowa haka yake yi ai.

Inna Mai Waina: Ɗana, dala tamanin da uku ce ke hana ka barci? Ko jika rabi ba ta kai ba. Allah ya sa albarka a karatun yaran, shi ne riba.

Ɗan Ƙwanni: Inna, ba dalarmu ta sefa biyar ba ce, ta Amurka ce, kuɗin sun haura jika arba'in. Mushe, saurara da kyau, ni na bi hanyar nan. Wasiƙar tana fita ne in kuɗinka ya kai dalar Amurka 10, lamba ce mai alƙaluma shida a ciki, kuma ta gidan waya take zuwa, ba a turo ta a salula. Wata huɗu gare ka daga ranar da aka fitar da ta farko, ke nan wajen 20 ga Nuwamba. In ya wuce ba ka shigar ba, talla ta daina fita a bidiyonka. Abin da mutane ba su sani ba shi ne duk wasiƙar da ka sake nema lambar farko ce aka maimaita, don haka ko ta Yuli ce ta ɓullo yau, tana aiki. Ka tura ƙanenka gidan waya da katinsa ya tambaya, ya kuma tambayi maƙwabtan shago. Sannan ka buɗe adireshin ka karanta. In irin "bayan masallaci, kusa da mai shayi" kuka rubuta, wasiƙa goma ma ba za ta same shi ba. Ku gyara da lambar shago da sunan titi ko akwatin gidan waya, sannan ku nemi ta uku. In kun yi ta nema har kuka ƙure shiru, akwai fom da ake tura hoton takardar shaida mai suna da adireshi. Sunan dole ya zo daidai da na asusun, harafi da harafi.

Malama daga Yamai: Ni dai tsorona ba wasiƙar ba ne. A takarda kuɗin nan na ƙanenka ne, ba naka ba. Ni da ɗan yayata muka yi haka da tashar koyon Faransanci, shekara biyu ina magana gaban salula har muryata ta dushe. Da kuɗi suka fara shigowa sai ya ce ai shi ma yana wahalar zuwa banki, rabi zai ɗauka. Yau ko gaisawa ba ma yi, yayata kuma ni take ganin laifi. Har wa yau sharaɗin shirin shi ne kana zaune a ƙasar da ka sa. Ranar da aka bincika, wa zai tsaya maka?

Mushen Lissafi: Malama, ƙanena ba haka yake ba, ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Kuma da ban sa Nijeriya ba, ina zan sa? In zauna ina kallon awa 4,000 a banza?

Abban Biyu: Ka sauya ƙasar zuwa Faransa kawai, can talla ta fi tsada. Wani abokina ya yi, kuɗinsa ya ninka.

Ɗan Ƙwanni: A'a. Ƙasar asusun AdSense ba ta sauyuwa, sai dai a rufe a buɗe wani. Kuma tsadar talla tana bin inda mai kallo yake zaune. Yaran Tawa da Abalak ke kallon Mushe, shi ya sa wata huɗu suka ba shi 83 kawai. Mushe, ko PIN ta zo gobe ba za a biya ka ba sai kuɗin sun kai 100. Na Oktoba ana haɗa su ne a farkon Nuwamba, in sun cike, a tura tsakanin 21 da 26 ga wata. Ku tabbatar an sa asusun bankin da ke karɓar dala da lambar SWIFT kafin 20 ga wata, in ba haka ba sai Disamba.

Abban Biyu: To ya yi ta zuba Shorts, gajerun bidiyon nan, ai su ke kawo jama'a.

Malama daga Yamai: Wane lissafi za a koya a ɗan gajeren bidiyo? Ni abin da ya karya ni ma daban ne: yaro ɗaya ya sauke bidiyo, ya raba wa aji duka ta Xender. Ɗalibi sittin sun amfana, kallo ɗaya aka ƙirga.

Mushen Lissafi: Wannan ni na ce su yi, Malama. Yaron da kuɗin karin kumallo ke gagararsa ba zan ce ya sayi megas don ni ba. Kuma adireshin da muka sa ba shi da laifi, kowa ya san shagon a layin.

Ɗan Ƙwanni: Kowa ya sani ban da mai rarraba wasiƙa. Ka dai duba.

Mushen Lissafi, 29 ga Nuwamba: Alhamdu lillahi. Wasiƙar Yuli tana shagon wani mai sayar da taya tun damina, ya ɗauka takardar talla ce ya cusa ta ƙarƙashin littafin bashi. Mun shigar da lambar ran 6 ga wata. Da na Oktoba kuɗin suka zama 104, aka tura ran 21, jiya suka sauka. Bayan cajin banki da canji zuwa naira, sannan zuwa sefa a Ƙwanni, jika hamsin da uku suka iso hannuna ta wurin wani direba. Na ba ƙanena jika biyar, na ajiye na makirfo, saura na miƙa wa uwargida. Ta ƙirga sau biyu ba ta ce komai ba.

Malama daga Yamai: Barka, Mushe. Jika biyar ɗin kai ka ba shi, ko shi ya cire?

Abban Biyu: Canjin nan ya cinye ka da yawa. Da ka bar su a dala.

Ɗan Ƙwanni: Barka. Amma a yadda kake samu, na gaba sai wajen Maris ko Afrilu. Kafin nan ku zauna da ƙanenka gaban wani babba, ku rubuta wa ke da me.

Mushen Lissafi: Rubutu tsakanina da ɗan da na goya? Ku bar wannan maganar. Wa ya san makirfo mai kyau da bai wuce jika goma sha biyar ba, a Yamai ko a Ƙwanni?