Girkin Lahadi da zai kai mu Juma'a

Amaryar Harobanda: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni da maigida duk muna aiki a cikin gari, kafin mu tsallako gadar Kennedy da yamma magariba ta yi. Na gwada dafa abincin sati ranar Lahadi: shinkafa, miyar gyaɗa da jar miya. Ranar Laraba miyar gyaɗar ta yi tsami, alhali tana cikin firigo. Ina na kuskure?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, da tukunyar kika saka ta?

Amaryar Harobanda: E, Yaya. Na bar ta a kan murhu ta huce har bayan isha'i, sannan na saka.

Maman Biyu: To nan ne. Babbar tukunya samanta ke hucewa, cikinta yana nan da ɗumi awowi da yawa, kuma a wannan ɗumin abinci yake fara lalacewa. Kina saukewa ki raba a ƙananan robobi marasa zurfi, ki jera su cikin faranti mai ruwan sanyi. Kada su wuce awa 2 a waje, a zafin Afrilu da Mayu kuwa awa 1.

Sannan ni ban dafa miya kala-kala. Tushen miya guda nake yi. Tumatir kilo 3, albasa kilo 1, tattasai da tugande, in niƙa, in tafasa ba mai har ruwan ya tsotse, sannan in zuba mai in soya har ya taso sama ya yi ja. In kika ga man bai rabu ba, akwai sauran ruwa, kuma ruwan nan shi ke kawo tsami da wuri. Nama kilo 2 dabam nake dafa shi, in ajiye romonsa dabam. Roba 5 nake rabawa, kowace cin dare guda. Biyu a firigo don Litinin da Talata, uku a gidan ƙanƙara.

Da yamma roba guda da romo kawai: yau in kaɗa kuka, gobe in dama tigadege, jibi in zuba shinkafa ta zama dafa-duka. Rabin awa ya isa.

Hajiya Inna: Ku ƴan zamani da firigo! Mu a Tawa ɗumame muka sani. A tafasa miya da dare, kada cokali ya sake shiga, a tafasa da safe. Ba ta taɓa tsami ba.

Maman Biyu: Gaskiya ne Hajiya, daga dare zuwa safe yana yi. Amma ita tana fita da sassafe, sai magariba. Wa zai tafasa mata da rana? Kuma nama in ya sha tafasa kwana uku ya zama zare.

Baban Yasmin: Ku samu ƴar aiki ta riƙa girkin rana mana, ai ya fi sauƙi.

Amaryar Harobanda: Malam, gidan a kulle yake wuni, shi ya sa. Yaya, shinkafar fa?

Maman Biyu: Ita ce ban yarda a ajiye ta sati ba. Dafaffiyar shinkafa in ta jima da ɗumi, akwai ƙwayar cutar da ke zuba guba a ciki, ɗumamawa ba ta kashe gubar, kuma ba lallai ki ji wari ba. Ki ɗora sabuwa kina shigowa, kafin ki yi salla ta kusa nuna. Wake ne ke cin gaz da lokaci, shi za ki dafa Lahadi ki daskarar.

Ƴar Wadata: Ni matsalata ɗauke wuta. Muna biro, ban san awa nawa ta yi babu ba. Sau ɗaya na tarar da nama daskare, ashe ya narke ya sake kamawa, mu biyu muka kwana ciwon ciki.

Maman Biyu: Sannu. Ki daskarar da ruwa a kofi, ki aza ƙwandala a saman ƙanƙarar. In kin dawo kin gan ta a gindin kofi, komi ya narke, kada ki ci. Kuma ki cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa. Gidan ƙanƙara cikakke, in ba a buɗe ba, yana riƙe sanyi kusan kwana biyu, rabin ciki kwana guda. Ƙasan firigo kuwa awa 4 ne.

Ƴar Wadata: Tuwo fa? Ni ina ƙulla na masara a leda in daskarar, in turara shi.

Maman Biyu: Na gwada, ya yi mini gari-gari, maigida ya ture.

Hajiya Inna: Ba ki tuƙa shi ya nuna ba ne, ɗiyata. Ki rage wuta ki bar shi ya sulala.

Amaryar Harobanda: Na gode ƙwarai. Gidan ƙanƙarata ƙarami ne, roba 3 da wake da goruna ba za su shiga ba. Wanne zan bari a ƙasa?