Ƙirgen shota a kyamarar hannu: yaya ake dubawa?

Ɗan koyo: Salamu alaikum. An yi mini tallar Nikon D750 ta hannu. Mai ita ya ce hoto wajen dubu biyu kawai ta ɗauka, shaidarsa kuwa sunan hoton ƙarshe, DSC_2140. In yarda?

Mai gyara: Wa'alaikumus salam. Kada ka yarda, ɗan'uwa. Lambar nan in ta kai 9999 komawa farko take yi, kuma kowa na iya mayar da ita baya daga cikin saiti. Abin da kake nema shi ne sau nawa labulen shota, wanda ke gaban sansa mai kama hasken hoto, ya buɗe ya rufe, domin shi ne ke cinyewa. Nikon tana rubuta wannan a cikin kowane hoto. Ka tafi da katinka, ka ɗauki hoto da hannunka, ka kwafe shi a kwamfuta ba tare da ka taɓa shi ba, sannan ka duba shi da exiftool, manhajar karanta bayanan hoto:

```
exiftool -ShutterCount -SerialNumber DSC_2141.NEF
```

Lamba biyu za su fito, ƙirgen shota da lambar siriyal. Sai ka gwada ta siriyal da wadda ke ƙasan kyamarar. In mai ita ne ya turo hoton, zai iya zama tsoho, ko na wata kyamarar daban.

Hajiyar hoto: Kuma ba ta WhatsApp ba, yana goge bayanan. Wanda aka gyara aka fitar daga manhajar Lightroom ma yawanci ba ka samun ƙirgen a ciki.

Ɗan koyo: Na yi yadda kuka ce, 62,140 ta nuna!

Mai saurin magana: To gudu ka tsira. An yi ta ne don 150,000, tana kaiwa ta mutu.

Mai gyara: Adadin daidai ne, Malam, amma ba wa'adi ba ne, gwajin kamfani ne. Wata takan wuce shi nesa, wata ta lalace tun kafin rabi. Wannan ba ta ci rabi ba, kuma ana sauya shota. Ni maganar mai ita ce ta fi damuna, don dubu sittin ya ɓoye maka. Ka ɗauki farin bango a saurin shota 1/4000 na daƙiƙa sau da yawa. In ka ga baƙin zane ko gefe guda ya fi duhu, ko Err ya fito, labulen ya fara gajiya.

Mai bidiyo: Tawa Canon ce, na bi wannan hanya ban ga komai ba. Ta lalace ke nan?

Hajiyar hoto: Lafiyarta lau. Yawancin Canon ba sa sa shi a hoto, sai ka haɗa ta da kwamfuta ta USB, wasu kuma sai wurin masu gyara. Amma kai da bidiyo ne aikinka, ƙirgen ba zai faɗi gaskiya ba: awa guda ana naɗa, labulen bai motsa ba, sansa kuwa tana ta zafi.

Mai saurin magana: In an sauya shota fa, ƙirgen na komawa sifili?

Mai gyara: Wani wurin gyaran yana mayarwa, wani ba ya yi. Ka nemi takardar gyaran.