Takalmin sefti: mai ƙoƙon ƙarfe ko na kwamfozit? Ina neman shawarar waɗanda suka sa

Sabon Ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ina aikin gini, yanzu Allah ya sa na samu aiki a sito na wata masana'anta, ranar Litinin zan fara. An ce in zo da takalmin sefti. Aikin na awa goma sha biyu ne a tsaye, fokilif na kai da kawo da falet, kuma a bakin ƙofa akwai na'urar gano ƙarfe, shiga da fita sai an bi ta ciki. Tsohon takalmina mai ƙoƙon ƙarfe ne, bara bulo ya faɗo masa daga kan sikafol, bakin ya ɗan lotsa amma yana shiga. Ƙafata mai faɗi ce. In ci gaba da shi, in sayi sabon mai ƙarfe, ko in koma wannan na kwamfozit, mai ƙoƙon faiba maimakon ƙarfe, da ake ta magana?

Mai Walda:
Ƙarfe. Roba ba ta tare ƙarfe, ko yaro ya san wannan.

Ɗan Waya:
Wa alaikumus salam. Kwamfozit ka saya, ɗan'uwa. Mu masu aikin lantarki ba ma kusantar mai ƙarfe, yana jan wuta. Ga sauƙi kamar ka sa silifa.

Baban Yara:
Yaro, ka saurare ni. Shekara tara da suka wuce muna sauke bim na ƙarfe daga mota, sarƙa ta suɓuce, bim ya sauko mini a ƙafar hagu. Takalmi mai ƙarfe ne a ƙafata. A asibiti sai da aka yanka takalmin kafin a fitar da ƙafar, ƙashi uku ya karye, wata biyar ina kwance, albashin wata biyu kawai kamfanin ya ba ni sannan suka ce kwantiragina ya ƙare. Har yau in gari ya yi sanyi sai na ɗingisa. Ƙarfen nan da suke cewa yana kare mutum, shi ne ya lanƙwashe ya danne ni. Da roba ce da ta fashe ta sake ni. Tun daga ranar ban sake sa mai ƙarfe ba, kuma ba zan ba ɗan wani shawarar ya sa ba.

Mai Walda:
Allah ya kiyaye gaba Baba. Amma da roba ce ta fashe, to bim ɗin sai ya tsaya a iska kenan?

Jami'ar Sefti:
Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. In ba za ka damu ba, ƙasusuwan da suka karye na yatsu ne ko na bayan ƙafa, wajen da ake ɗaure igiya?

Baban Yara:
Na bayan ƙafa, 'yata. Yatsun ba abin da ya same su sai farcen babban ɗan yatsa da ya fita.

Jami'ar Sefti:
To Baba, a fahimtata ƙoƙon ya yi aikinsa. Iyakarsa yatsu ne, wani lokaci ma ɗan ƙaramin yatsa rabinsa a waje yake. Daga gindin yatsu zuwa sama fata ce kawai da igiya, ko ƙoƙon ƙarfe ne ko na faiba. Wanda ke sauke bim ko bututu, abin da ya kamata a ba shi shi ne takalmin da ke da garkuwa a bayan ƙafa, za ka ga an rubuta M a jikin lambarsa.

Sabon Ma'aikaci, ɗaga harshen takalmin da za ka saya ka karanta. In ka ga EN ISO 20345, ma'anarsa an gwada ƙoƙon da bugun jul 200, wato kamar a saki kilo 20 daga tsayin mita ɗaya, an kuma matse shi da nauyin da ya kai tan ɗaya da rabi. Bayan bugun dole a samu ragowar fili a ƙarƙashinsa, a lamba 41 da 42 milimita 14 ne. Gwajin ɗaya ne ga ƙarfe da kwamfozit, ba a yi wa kowa ragi. Na Amurka kuma ASTM F2413 za ka gani. Bim da ya fi tan biyu ya wuce abin da aka yi wa kowane ƙoƙo alkawari.

Baban Yara:
Ke a ofis kike karanta lamba, ni a ƙafata na karanta. Kin taɓa ɗaukar rodi?

Jami'ar Sefti:
Ban taɓa ba Baba, ban kuma yi musun ciwonka ba. Amma ni nake cika takardar hatsari a wurinmu, ƙafafun da na gani sun fi ɗaya.

Direban Fokilif:
Ni dai roƙona, ko takalmin zinare ka sa, kada ka tsaya a bayana in ina juyawa. Ɗuwawun motar ne ke lilo, ba gabanta ba, kuma tayar ba ta iya karatu ba balle ta duba lambar takalminka.

Ɗan Sito:
Hahaha, direba ya faɗi gaskiya. A kan maganar na'urar ƙofa, wadda ba wanda ya amsa: ni na sayi kwamfozit saboda ita, ranar farko na bi ta ciki ta ɗau kuka. Mai gadi ya sa na cire takalmi na taka da safa kamar kowa. Ashe ƙoƙon ne kawai na faiba, ramukan igiya na ƙarfe ne, kuma akwai ɗan ƙarfe a tsakiyar tafin da ke tallafe ƙafa. Sai ka nemi wanda aka rubuta metal free a kwalinsa, wato babu ƙarfe a jikinsa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi baki da tafi da ramukan igiya, in ya kama ka ajiye. Ba ya kama alminiyam da tagulla fa, su kuma na'urar tana jin su.

Mai Walda:
Kuma ka biya kusan ninkin kuɗin mai ƙarfe don kada ka cire takalmi na minti ɗaya.

Ɗan Sito:
Wane ninki? Nawa bai kai kuɗin mai ƙarfen da na saya kafinsa ba.

Ɗan Waya:
To jabu ka saya. Na kirki ya fi mai ƙarfe tsada, sai dai ba ninki ba.

Ɗan Sito:
Cire takalmi sau huɗu a rana ne Malam, har da fita hutu, ga layi a bayanka ana tsaki.

Jami'ar Sefti:
Ɗan Waya, maganarka ta farko tana buƙatar gyara, kada wani ya dogara da ita. Abin da ke raba mutum da ƙasa tafin takalmi ne, ba ƙoƙo ba. Akwai masu ƙoƙon ƙarfe da ke da tambarin EH na kariya daga wutar lantarki, wanda ake gwadawa da bolt 18,000 na minti ɗaya, a bushe. Akwai kuma kwamfozit mai S1 ko S3 wanda da gangan aka yi tafinsa ya riƙa zubar da cajin jiki zuwa ƙasa don kada tartsatsi ya tashi, wannan ba ya tare maka wuta. Ko EH ɗin ma in ya jiƙe ko tafin ya cinye, an gama. Inda kake da gaskiya shi ne in fatar baki ta goge ƙarfen ya fito fili, ka durƙusa kusa da waya mai wuta.

Ɗan Waya:
Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ogana da ya koya mini haka ya ce. Zan dai duba harshen nawa in na koma gida.

Mai Walda:
Ku zo ku yi wata guda a gaban injin gurza ƙarfe da robarku mu gani. Nawa in na durƙusa bakin yana gogar kankare, fatar ta cinye har ƙarfen yana ƙyalli, kuma yana nan.

Jami'ar Sefti:
Oga, wanda ƙarfensa ke ƙyalli ya isa ritaya, musamman kai da ke aiki da wuta. Ga mai walda ni ma ƙarfe zan ce, da tafi mai HRO, shi ne ke jure digiri 300 na minti ɗaya.

Sabon Ma'aikaci:
Na gode ƙwarai. Amma tsohon nawa fa da ya lotsa? Da maganar faɗin ƙafa?

Ɗan Sito:
Faɗin ƙafa shi ne inda kwamfozit ya ba ni wuya. Bangon ƙoƙonsa ya fi na ƙarfe kauri, domin sai ya yi kauri yake cin gwajin. Wasu kamfanoni suna faɗaɗa bakin ta waje, takalmi ya zama kamar kan kwaɗo, wasu kuma cikin suke ci. Nawa gefen ƙoƙon yana cizon ɗan ƙaramin yatsana bayan awa takwas, kuma ƙoƙo ba fata ba ne, ba ya saki ko shekara za ka yi. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za ka yi aiki da ita, ka tsuguna ka ji ko bakin ƙoƙon yana sarar bayan yatsunka. Maganar sauƙi kuwa ana zuzuta ta. Na ɗaga biyun a hannu, bambancin bai taka kara ya karya ba, nauyin takalmi a tafi da fata yake.

Jami'ar Sefti:
Wanda ya lotsa ka jefar. Lotsawar ta cinye filin da aka bar wa yatsunka, bugu na biyu a kansu zai sauka. Nan ne ma ƙarfe ya fi: in ya sha duka yana nunawa. Kwamfozit yana iya tsagewa a ciki, ya koma kamanninsa, kana ganinsa lafiya lau. In ka saye shi, duk ranar da abu mai nauyi ya faɗo masa ka canza, ko ba ka ga komai ba. Tunda falet za ka yi ta takawa, akwai ƙusa, ka nemi S1P ko S3, masu faifai a cikin tafi da ke tare ƙusa. A sababbin takalma masu faifan da ba na ƙarfe ba za ka ga PL ko PS, PS an gwada shi da ƙusa siririya ta milimita 3.

Baban Yara:
Duk wannan lambobin, wa zai biya? A zamaninmu kamfani ke bayarwa. Yanzu an ce yaro ya zo da nasa kafin ya ga albashin farko, ba wanda ya ce uffan a nan.

Direban Fokilif:
Baba, wanda suke bayarwa ɗin ma sai addu'a. An raba mana sabo fil daga kwali, kwana tara tafin ya fara marmashewa kamar busasshen sabulu, na bar rabinsa a kan feda. Na kai wa mai sito ya ce ni na yi masa rashin kula, za a cire a albashina.

Jami'ar Sefti:
Ba laifinka ba ne. Tafin da aka yi da robar PU in ya daɗe a ajiye, musamman inda akwai laima da zafi, yana ruɓewa ko ba a taɓa sa shi ba. Duba harshen, akwai wata da shekarar da aka yi shi. Ka ɗau hoto ka kai ofishin sefti, ba wurin mai sito ba.

Direban Fokilif:
Na duba yanzu. Harshen nawa ba komai a jiki sai lamba 43.

Mai Walda:
To kai ka ma tabbata akwai ƙoƙo a ciki? Danna da babban yatsa ka gaya mana.

Ɗan Waya:
Nawa S3 ne, ban ga EH ba. Hajiya, wannan yana nufin me kenan ga wanda ke shiga ɗakin taransifoma?

Baban Yara:
Direba, nawa suka ce za su cire? Kada ka sa hannu a kowace takarda tukuna. Ni hannun da na sa a gadon asibiti shi ya kashe ni.