Ƙidayar kaya a sito: kaɗan-kaɗan kullum, ko gaba ɗaya a ƙarshen shekara?

Alhaji Murtala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da sito na kayan masarufi a Sharaɗa, Kano, muna ba 'yan Kasuwar Singa sari. Kayanmu kala 1,200 ne, ma'aikata 14. Duk ƙarshen Disamba muna rufewa kwana uku mu ƙirga komai, kullum sai an sami giɓi, ba kuma a gano inda ya fito. An ce mu koma ƙirga kaɗan-kaɗan kullum. Wanne ya fi, kuma ta ina ake farawa?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam Alhaji. Dalilin da ya sa ba kwa gano giɓin shi ne kuna nemansa bayan ya tsufa. Kayan da ya ɓace a watan Maris, ba a lura ba sai Disamba, to wa zai zauna ya bi takardun lodi na wata tara? Direban ma wataƙila ya bar aiki. Sai dai akanta ya gyara lissafi a rubuta asara, ƙofar da kayan ya bi kuwa tana nan a buɗe.

Ga yadda ake tsarawa. A ɗauko cinikin shekarar da ta wuce, kowane kala a ninka yawan da ya fita da kuɗin sayensa, a jera daga babba zuwa ƙarami. Za ka ga 'yan kaloli ne ke riƙe da mafi yawan kuɗinka: shinkafa, sukari, man gyaɗa, madara, taliya. Mu ce guda 120 na sama su ne rukunin A, a ƙirga kowannensu sau ɗaya a wata. Guda 280 masu bi musu rukunin B, duk wata uku. Sauran 800 rukunin C, sau ɗaya a shekara. Na A ya ba da ƙidaya 1,440 a shekara, na B 1,120, na C 800, jimla 3,360. In ka cire Lahadi, da ranakun Sallah, da kwanakin rububin azumi da ba wanda zai saurare ka, za a bar ka da kamar kwana 280. Kala 12 ke nan a rana. Mutum biyu za su gama cikin awa ɗaya da rabi da sassafe, kafin mota ta farko ta tsaya a bakin ƙofa.

Lokacin nan na safe shi ne kan gaba. Dole duk abin da ya shiga ko ya fita jiya ya riga ya hau kwamfuta, kuma kada a taɓa layin da ake ƙirgawa sai an gama. Takardar da za a ba masu ƙirga ta ƙunshi sunan kaya da wurinsa kawai, ban da adadin da kwamfuta ta nuna. Mutum in ya san 640 ake nema, idonsa 640 zai gani.

Misali, man gyaɗa jarka mai lita 25. Kwamfuta ta ce 640, an ƙirga an sami 598, giɓin 42. Kada a yi saurin gyara lissafi. Wani daban ya sake ƙirgawa tukuna. In ya sake samun 598, sai a ɗauko takardun kayan tun daga ƙidayar watan jiya, waɗanda ba za su wuce 'yan gomomi ba. Sai a tarar 30 an loda su jiya da yamma bayan mai shigar da lissafi ya tashi, takardar tana aljihun tebur. Guda 8 masu yoyo ne, an janye su gefe ba a rubuta ba. Saura 4, su ne giɓi na gaskiya, kuma mako huɗu kacal za a bincika, an san wa ya yi aiki a kowace rana. Ka lura, 38 daga cikin 42 ba sata ba ce, sakacin rubutu ne, kuma kowanne yana da magani: a hana lodi ba tare da an shigar ba, a buɗe wa lalatattun kaya gurbinsu a kwamfuta.

Sagir: Alhaji, ai maganin wannan kyamara ce. Ka sa a ƙofa da lungunan siton, ka sayi na'urar da ke karanta lambar jikin kaya, ba sai ka wahala da wata ƙidaya ba.

Malam Nasiru: Sagir, kyamara tana nuna maka an fita da katan, amma ba ta gaya maka 50 aka rubuta aka loda 52. Amfaninta yana zuwa ne bayan ƙidaya ta nuna maka makon da za ka duba. Na'urar kuma tana rage kuskuren rubutu, sai dai buhunan shinkafa da sukari da yawa ba su da lambar ma.

Hajiya Rabi: Ni aikina binciken asusun kamfanoni ne, bari in taɓo abin da ƙidayar shekara ke ɓoyewa, da kuma abin da ita kaɗai ke iya yi.

Tana ɓoye kuskure ta hanyar jimla. A ce shinkafa mai kilo 50 ta yi ƙasa da buhu 40, mai kilo 25 ta yi sama da buhu 80, don an riƙa musanya su wajen shigarwa. A kuɗi kusan sun cinye juna, rahoto ya fito da giɓi kaɗan, kowa ya yi murna, alhali kala biyu lissafinsu ba daidai ba ne. Ga kuma yanayin aikin: kwana uku ana ƙirga, an jawo 'yan dako da ma'aikatan ofis da ba su san bambancin katan da rol ba, zuwa yammacin rana ta biyu an gaji ana ƙiyasi. Ba abin mamaki ba ne a goge adadi mai kyau a kwamfuta a sa gurɓatacce, watan Janairu ya ƙare ana warware ɓarnar ƙidayar kanta. Wannan ban da cinikin kwana uku da ya tafi wurin maƙwabta.

Amma tana da abin da ƙirga kaɗan-kaɗan ba ya bayarwa. Ana tsayar da komai lokaci guda, don haka ba wanda zai ɗauko kaya daga layin da aka ƙirga jiya ya cike wanda za a ƙirga yau. Ana bi bango zuwa bango, sai a ci karo da kayan da ba ya cikin kwamfuta sam, da wanda wa'adinsa ya ƙare a ƙarƙashin wani. Wanda ke ƙirga daga jerin da kwamfuta ta fitar ba zai taɓa ganin abin da kwamfuta ba ta sani ba.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, ni abin da na sani doka ce. Kamfani mai rajista tilas ya rufe ya ƙirga ranar 31 ga Disamba, in ba haka ba odita ba zai sa hannu ba. Don haka maganar canzawa ma ba ta taso ba.

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, akwai gaskiya a ciki, amma ba haka take duka ba. Ƙa'idar da muke bi, ISA 501, cewa ta yi in kaya suna da nauyi a asusun kamfani, mai bincike ya halarci ƙidaya ya gani da idonsa. Ba ta ɗaure ƙidayar da ranar ƙarshen shekara ba. Ana iya yinta a wata rana, ana kuma iya dogara da lissafin da ake sabuntawa kullum, matuƙar mai binciken ya gamsu da tsarin. Gamsuwar nan ba da baki ake samunta ba. Zai nemi takardun ƙidaya masu kwanan wata da sa hannu, da shaidar kowane kala an ƙirga shi aƙalla sau ɗaya a shekarar, da dalilin kowane gyara da wanda ya amince da shi, sannan ya zaɓi wasu kaloli ya ƙirga da kansa.

Shawarata ga Alhaji Murtala, bana a yi duka biyun. A fara da cikakkiyar ƙidaya don a sami tushe mai tsabta, a ci gaba da 12 a rana, a riƙa auna nawa ne suka dace da kwamfuta. In an yi ƙidaya 288 a wata, 250 suka dace, kusan kashi 87 cikin ɗari ke nan, da sauran aiki. Da yawa suna ɗaukar 95 a matsayin ma'auni. In kun riƙe shi wata shida a jere, sai ku zauna da oditanku tun kafin Oktoba, ba a makon ƙarshe ba. A duba takardar inshora da ta banki ma, in an ci bashi a kan kayan, don wani lokaci sharaɗin ƙidaya a can yake.

Baba Iliya: Duk kun yi magana mai kyau, amma ku sauko ƙasan sito. In kala ɗaya yana wuri uku, ba wanda ya san na ukun sai sitokifa, wannan tsari ba zai yi mako biyu ba. Sai an fara yi wa layuka lamba da fenti, kowane kaya da mazauninsa da katinsa a rataye. Jerin buhu kuma ya zama iri ɗaya: in biyar-biyar ne a kowane hawa, to ko'ina biyar-biyar, hawa goma buhu 50. Sannan a riƙa hawa sama ana leƙawa. Tsohuwar dabara ce a zare buhunan tsakiya a bar na gefe, daga waje jeri cikakke, ciki rami. Katan ma a riƙa ɗagawa, wanda aka zare gwangwani biyu aka mayar da salatif hannu ne ke gane shi.

Kuma mai riƙe da makulli kada ya ƙirga kayansa shi kaɗai, ya raka dai. Kada a sanar da shi kalolin gobe tun yau.

Malam Nasiru: Baba ya kawo gyara mai kyau. In ƙara biyu: duk kayan da kwamfuta ta nuna ya ƙare ko ya kusa, a leƙa nan take, ƙirga katan shida ba ya cin minti ɗaya. Kaya ƙanana masu shiga aljihu kuma, irin su batir da madarar gwangwani, a ɗaga su zuwa A ko da kuɗinsu bai kai ba. Matsalar da Hajiya ta ambata ta kayan da ba ya kwamfuta, ana rage ta da ware rana ɗaya a mako a ƙirga layi guda daga farko har ƙarshe, duk abin da aka tarar a rubuta.

Malam Habibu: Kada a manta da zakka, Alhaji. Ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum yana ƙimanta kayansa ne idan shekarar zakkarsa ta cika, da farashin kasuwa na lokacin, kuma shekarar ta watan Musulunci ce, ba ta bin Disamba. In adadin da ke kwamfuta abin dogaro ne, ranar sai dai a sa farashi kawai.

Alhaji Ɗanlami: Na ji, amma ni ban yarda a daina ta shekara ba ko an kai 99. A mayar da ita kwana ɗaya dai, ranar Lahadi. Sannan jarkoki huɗun nan na Malam Nasiru, wa zai biya? In ba a cire a albashin sitokifa ba, gobe takwas za su zama.

Hajiya Rabi: In aka fara cire albashi a kan kowane giɓi, ranka ya daɗe, giɓin ne zai daina bayyana a takarda, don masu ƙirga za su riƙa rufa wa juna asiri. Sai an tabbatar da laifi tukuna, kuma sai abin da takardar ɗaukar aiki da dokar ƙwadago suka yarda.

Baba Iliya: Hajiya, a kan kuskure na yarda da ke. A kan giɓin da ya maimaitu sau uku a hannun mutum ɗaya, ina bayan Alhaji Ɗanlami.

Alhaji Murtala: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da fentin layuka da hana lodin yamma ba shigarwa. Tambaya ɗaya ta rage: muna ajiye wa wasu 'yan Singa kayan da suka riga suka biya ba su ɗauka ba, wani har wata biyu. Waɗannan a ƙirga su tare da namu, ko a ware musu layi da takardarsu daban?