Me za mu kira furostet da Hausa? Ina neman kalma kafin Asabar

Malamin Asibiti, Gangare: Salamu alaikum. An ba ni minti ashirin ranar Asabar bayan La'asar in yi wa maza 'yan sama da shekara 40 bayani kan matsalar fitsari. Na rubuta komai, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: furostet. A rediyo "mafitsara" ake cewa, ni kuwa ban yarda ba. Mafitsara jakar da fitsari ke taruwa ce. Furostet tsoka ce daban a ƙarƙashinta, girmanta kamar goro, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. In shekaru suka ja sai ta ƙara girma ta matse bututun. Me zan kira ta dattijo ya gane?

Baba Ɗanladi Tela: Ɗana, ai ciwon sanyi kake nufi. Ka ce sanyin mara kawai. Mu nan Jos da hunturu ya shigo kowa sai ya tashi sau uku.

Malamin Asibiti: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da nake gudu ke nan. Da na ce sanyi, rabin mutanen za su ɗauka ina zarginsu da neman mata, sauran su nufi mai jiƙo a kasuwar Taminus. Gaskiya ne sanyin gari na ƙara fitsari. Amma wanda zai tsuguna ya jima kafin ya fito, ya fito siriri yana yankewa, ya tashi yana jin da saura, ko a watan Maris haka yake fama.

Sista Talatu: Shekara 16 ina ɗakin tiyatar maza, kuma kuskuren sunan nan na ga abin da yake jawowa. An taɓa ce wa wani tsoho za a kankare masa "mafitsara", ya ƙi sa hannu, wai ina zai riƙa tara fitsari? Ni "goron mafitsara" nake ce musu, in nuna girmansa da yatsu.

Amma Malam, kada neman suna ya cinye maka lokaci. Ka ba su labarin wani direban tifa ɗan shekara 58 da aka kawo mana da asuba. Ya fi shekara yana tashi sau huɗu da dare, bai gaya wa kowa ba. Mura ta kama shi, ya sha maganin mura na kemis, irin mai buɗe hanci da sa barci, wanda kan ƙara riƙe fitsari ga mai wannan matsala. Tun Isha'i ko ɗigo, mara ta kumbura ta yi tauri. Muka sa masa roba, kusan lita ɗaya ta fita. Wanda fitsari ya riƙe masa gaba ɗaya asibiti zai zo a daren, ba a jiran gari ya waye. Jini a fitsari ko sau ɗaya ne, ko zazzaɓi da zafin fitsari, su ma ba a kwana da su ana shawara.

Ustaz Na-Dilimi: Ni ta fannin tsarki abin ya same ni. In gama, in yi alwala, ina miƙewa in ji ɗigo a wando. Na ɗauka waswasi ne. Wannan kansa ce, wato ciwon daji?

Sista Talatu: Malam, yawanci ba ita ba ce. Girman goron daban, kansarsa daban, kuma kansar kan fara ba tare da wata alama ba. Ka je a auna fitsari da sukari, don mai ciwon suga ma yana yawan fitsari, sai dai nasa da yawa yake fita, ga ƙishirwa. Likita zai taɓa goron da yatsa ta dubura, bai kai minti ɗaya ba, wataƙila ya rubuta gwajin jini na PSA. Hauhawar PSA kaɗai ba ta tabbatar da kansa, ko ƙwayar cuta na iya ɗaga ta.

Auwalu Ɗalibi: Me zai hana "wuyan mafitsara"? Ya fi nuna wurin. Goro kuma na ji tsoron wani ya ɗauka cin goro ke kawo shi.

Sista Talatu: Wuyan mafitsara wani wuri ne da kansa, yana sama da goron. Amma maganarka ta cin goro ban taɓa tunaninta ba.

Baba Ɗanladi Tela: To wannan binciken yatsan, dole ne? In ka ambace shi ranar Asabar babu mai zuwa.

Malamin Asibiti: Zan ambata, Baba, gara su ji daga bakina da su je su tarar. Ga yadda na gyara buɗewar: "Kowane namiji yana da wata tsoka kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, a asibiti furostet ake ce mata." Na bar kalmar asibitin don in likita ya faɗa su gane. Sista, in riƙe goro a hannu ina bayani, ko hakan zai ƙara rikitar da su kamar yadda Auwalu ya ce?