Neman shawara: yadda zan rubuta wa makaranta tayin ɗaukar nauyin ranar wasanninta

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen talla na wani ƙaramin kamfanin lemo da ruwan leda a Kano. Maigidana ya ce in rubuta wa wata sakandare mai zaman kanta takarda, muna so mu ɗauki nauyin wasannin gidajen da za su yi a watan Fabrairu. Ɗalibai kusan 600 ne, an raba su gida huɗu masu gasa da juna. Abin da aka ware naira dubu 800 ne, har da kuɗin kayanmu. Ya ce lallai in nuna amfanin makaranta da namu. Ban taɓa rubuta irinta ba. Ta ina zan fara, kuma me zai sa su ƙi?

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Ka sa hatimin makaranta, shugaba ya sa hannu, ka haɗa da hotunan wasan bara. Kamfanoni ba sa ba da kuɗi sai sun ga shaida.

Aminu: Na gode Baba, amma mu ne kamfanin, mu za mu nemi makarantar.

Hajiya Binta: Aminu ɗana, na yi shekaru ina shugabancin makaranta, irin waɗannan takardu sun sha zuwa teburina. Wadda nake turewa gefe ita ce mai cewa "za mu tallafa da abin sha da kyaututtuka" ba adadi. Shugaba ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, sai ya kai wa mai makaranta da ƙungiyar iyaye, kuma abin da za su fara tambayarsa shi ne nawa ne, me kuma suke so a madadinsa. Ka rubuta yadda zai amsa musu ba sai ya kira ka ba.

Ka fara da ruwa, lemo ya biyo baya, domin ruwa ne damuwar makaranta a ranar. A ce ɗalibai 600, iyaye da malamai da baƙi su kai 200, mutum 800 ke nan. Leda uku kowa, leda 2,400, buhu 120 tunda ashirin ne a buhu. Masu gudu sun fi haka sha, to ka mai da shi 150. Lemo kuwa kwalba ɗaya ga kowane ɗalibi, katan 50 in sha biyu ne a katan ɗinku, a raba bayan an gama tsere. Ka faɗi wanda zai kawo ƙanƙara da robobin sanyaya, da ƙarfe nawa motarku za ta iso, da wanda zai kwashe ledojin bayan an watse. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Fili cike da leda washegari, yara ake sawa su tsince, kuma sunanku ne a jikin kowace.

Abin da ya rage sai ya tafi kan riguna, misali 25 ga kowane gida, 100 ke nan, da kofi ɗaya da lambobin yabo da hayar rumfa. Kowane abu ka sa kuɗinsa a gefe. Kayanku ku ƙiyasta su a farashin sari, kada ku sa farashin shago don jimillar ta kumbura. Akawun makaranta ya san kuɗin buhun ruwa, da zarar ya ga ƙari sauran takardar ma ba zai yarda da ita ba.

Sai naku amfanin. Kada ka ji kunyar faɗarsa, takardar da ta ce don Allah kawai ake yi ta fi ba ni tsoro. Ka rubuta ƙarara: kyallen talla biyu, ɗaya a ƙofa ɗaya a bayan rumfar manyan baƙi, ƙaramin tambari a hannun riga, mai sanarwa ya ambace ku sau uku, wakilinku ya miƙa kofi, da tebur ɗaya na sayar wa iyaye. Ka ƙara da cewa za ku kwashe komai naku da yammar ranar, kuma ba za ku shiga aji ba. Wannan iyakar ce take sa a sa hannu. Shafi biyu ya isa, ka liƙa lambar rajistar NAFDAC ta kowane kaya, ka kai da kanka tun kafin hutun Disamba, lokacin da kwamitin wasanni bai gama kasafinsa ba.

Sadiq Kofar Ruwa: Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, ka sa sharaɗin cewa ba wani abin sha da za a sayar a filin sai naku. In ba haka ba ku biya kuɗi, mai kura ya shigo da lemon wani kamfani yana cin kasuwa a gaban kyallenku. Kuma ka rubuta cewa lemo yana ƙara wa 'yan wasa kuzari, ya zama cikin amfanin makaranta.

Maman Khalifa: Malam Sadiq, maganar kuzarin nan a cire ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin kwamitin iyaye a makarantar yarana. Lemon kwalba mai rabin lita yakan ɗauki sukari cokalin shayi goma ko fiye, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini. Yaron da zai yi gudun mita 400 ruwa yake buƙata. In na ga wannan jimlar a takarda, ni ce ta farko da zan ce a ƙi. A ba su ƙaramar kwalba bayan wasa, ba wanda zai yi magana.

Sannan hotuna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, hoton da ake gane fuska kuwa yana ciki. Izinin shugaban makaranta bai wadatar ba. Mafi sauƙi ku ɗauki kofin da rumfar da taron daga nesa, wanda ya ci kyauta kuma a nemi sa hannun iyayensa kafin ku ɗora shi a shafinku.

Malam Ɗanjuma: Ni malamin wasanni ne. Shekara biyu da suka wuce wani kamfani ya yi mana alkawarin katan 40. Motar ba ta iso ba sai bayan azahar, lemon da zafinsa, da muka duba kuma saura mako biyu wa'adinsa ya ƙare. Alhali tun safe kyallensu yana rataye, mu kuwa mun fasa sayen namu ruwan saboda su. Sai da na ci bashin buhu 30 a bakin ƙofa. Malam Aminu, ka rubuta cewa za ku sauke ruwan tun jajibiri, kuma makaranta tana da damar duba kwanan watan da ke jikin kaya ta mayar da wanda bai yi mata ba. Da an rubuta mana haka da ban sha wannan kunyar ba.

Hajiya Binta: Batun hana wasu sayarwa, ni ban goyi baya ba. Mai kantin makaranta haya take biya, ranar ce babbar kasuwarta, ga matan da ke kawo zoɓo da kunun aya. Abin da za ka iya nema shi ne kada a rataya kyallen wani kamfanin lemo a ranar.

Sadiq Kofar Ruwa: Hajiya, da girmanki, dubu 800 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙaramin kamfani. Masu zoɓo su yi cinikinsu, amma lemon kwalba ya zama nasu kaɗai. Ko kuma su ba mai kantin kayan a farashin sari ta sayar, ita ma ta samu.

Aminu: Allah ya saka da alheri. Zan cire maganar kuzari, in sa sauke ruwa tun jajibiri. Batun mai kanti sai na ji ta bakin maigidana gobe, don na san zai so a ce namu kaɗai. Hajiya, in na gama zan iya turo miki ki duba kafin in kai?

Hajiya Binta: Turo ɗana. Ka haɗo da jerin farashin, shi zan fara dubawa.