Yayanmu ya ɓace a hanyar Libiya, za mu iya raba gadonsa?

Mai tambaya daga Tawa: Assalamu alaikum. Yayanmu, haihuwar 1980, ya bar Agadas zuwa Libiya a 2016, har yau babu labarinsa. Ya bar mata, 'ya'ya maza biyu, mahaifiyarmu da gida da gona. Dangi sun matsa a raba. Ya halatta?

Wata 'yar Yamai: Ai shekara huɗu ce, kun ma wuce. Ku raba kawai.

Malamin zaure: Wa alaikumus salam. Hajiya, shekara huɗun gaskiya ce, amma ta matar ce, ba ta dukiya ba. A mazhabar Malikiyya matar za ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, in an rasa shi sai a ƙirga mata shekara huɗu daga sannan, ba daga ranar da ya tafi ba. Sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in tana so.

Dukiya kuwa tana nan a matsayin tasa har ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba. Mafi shahara saba'in, wasu sun ce tamanin. Ga ɗan 1980, wato sai 2050. Kafin nan alƙali zai naɗa amintacce ya riƙe gonar, a ciyar da iyalinsa daga amfaninta.

Abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa: magada su ne waɗanda ke raye ranar da aka yanke hukuncin mutuwarsa. In hukuncin ya same ta da rai, mahaifiyarku tana da sudusi. In ta riga shi, ba ta da komai, shi ne ma za a ajiye wa rabonsa daga gadonta. Ku 'yan'uwa kuwa ba ku da kaso muddin akwai ɗa namiji, don haka masu matsawar nan su sassauta.

Wani direba: Malam, 2050 fa? Wanda hamadar Tenere ta ci ba ya dawowa. Ƙanena haka ya tafi, yaransa na haya alhali ga filinsa a kwance.

Malamin zaure: Allah Ya bayyana shi. Malaman mazhabar Hanabila sun ce in halaka ce ta fi rinjaye, shekara huɗu ta isa har ga dukiya, kuma malamai da dama na yanzu sun bar wa alƙali ya duba hali. In kuma akwai adalai biyu da suka shaida mutuwarsa, an fita batun ɓata. Amma taron dangi ba ya yanke wannan, kotu ce ke yi.

Wata uwa: To in an raba ya dawo fa?

Malamin zaure: Abin da ya tarar a hannun magada nasa ne, za a mayar masa. Wanda aka riga aka cinye shi ne malamai suka yi saɓani a kai.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Akwai wanda suka hau mota ɗaya a Agadas, yana Konni yanzu. Zan fara nemo shi kafin mu tafi kotu.